Ba Kowane Hedifon Da Batirinsa Ya Tsufa Ake Jefarwa Ba: Martani

Na karanta maƙalar da wani Malami ya rubuta kwanan baya game da hedifon da iyafis marasa waya, waɗanda za ka yi musu caji su cika, ka sa a kunne, kafin ka gama sauraron sura ɗaya sun mutu. Abubuwa uku ya faɗa. Ya ce wutar lantarkin Khartoum mai hawa da sauka ce take kashe su. Ya ce maganin shi ne a bar batirin ya ƙare ƙarƙaf sannan a kwana ana yi masa caji, wai hakan zai farfaɗo da shi. Ya ce idan haka bai yi ba, a jefar a sayi sabo, domin canza batir ɓarnar kuɗi ce kuma hanyar cin abincin masu gyara ce kawai. Ina girmama Malam, kuma na san niyyarsa ya kare aljihun mutane. Amma biyun farko kuskure ne da ke ƙara lalata kayan jama'a, na ukun kuma ya yi wa na'urori daban-daban kuɗin goro. A garin da mutane suka koma gidajensu suka tarar an kwashe kusan komai, cewa mutum ya jefar da ɗan abin da ya rage masa ba ƙaramar magana ba ce.

Zancen wuta ba zai ɗauke mu lokaci ba. Wutar da ke bango ba ta isa batirin hedifon kai tsaye. Kan caja yana mayar da ita 5V, sannan akwai wata 'yar na'ura a cikin hedifon ɗin, ko a cikin akwatin iyafis, wadda take auna abin da zai shiga batir, ta kuma tsayar da caji idan ya cika. Caja maras kyau ko janareta mai fizga na iya ƙona wannan na'urar, ban musa ba. Amma idan ta ƙone, abin ya daina karɓar caji ne rana ɗaya, kwatsam. Ciwon da muke magana a kai daban ne: bara awa biyar yake yi, da damina ya koma awa biyu, yanzu minti goma sha biyar. Wannan raguwar sannu a hankali daga cikin batirin take fitowa, ko da a ƙasar da wuta ba ta taɓa ƙiftawa ba.

Duk waɗannan na'urori batirin litiyam ne a cikinsu, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Mafi yawansu idan sun cika suna kan 4.2V, suna aiki a wajen 3.7V, na'urar kuma tana kashe kanta idan ƙarfin ya sauko kusa da 3V. Tun ranar da aka ƙera batirin yake tsufa. A jikin ɓangarensa na ciki akwai wata 'yar fata da take ƙara kauri kullum, tana cinye litiyam ɗin da ya kamata ya riƙa ɗaukar wuta. Wannan yana jawo illa biyu. Adadin wutar da batirin ke iya riƙewa yana raguwa, sannan hanyar da wutar ke bi ta fita tana ƙuncewa. Kamar tankin ruwa ne da laka ta cike rabinsa, bututunsa kuma ya yi tsatsa: ka leƙa ka ga ruwa har baki, ka buɗe famfo ya zubo kaɗan ya tsaya. Illa ta biyun ce take rikita mutane. Wayarka za ta nuna iyafis yana kan kashi 100, ka amsa kira, makirfo da bulutus su ja wuta tare, ƙarfin batirin ya faɗi nan take ƙasa da iyaka, na'urar ta ɗauka ya ƙare ta kashe kanta. Ka mayar akwati, minti goma ya nuna ya sake cika. Cika da wuri da ƙarewa da wuri, su biyun tare, su ne babbar shaidar tsufan batir.

Abin da ke hanzarta tsufan nan kuwa, Malam bai ambace shi ko sau ɗaya ba, alhali yana zaune a cikinsa. Zafi ne. Khartoum na cikin manyan biranen duniya mafi zafi. A watannin Mayu da Yuni zafin rana a inuwa yana wuce digiri 40 kusan kullum. Kamfanin Apple kansa ya ce a yi amfani da kayansa tsakanin digiri 0 da 35. Masana sinadarai suna da ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin irin wannan lalacewar kusan sau biyu. To ka dubi inda muke ajiye akwatin iyafis: gaban gilashin mota, aljihun jallabiya da tsakar rana a tashar Jackson, ko teburin mai cajin sola inda ake jera wayoyi da fawabank a ƙarƙashin rufin kwano. Batirin da yake cike taf kuma yana cikin zafi shi ne ya fi saurin lalacewa, kuma ƙananan iyafis kullum a haka suke, domin duk lokacin da ka mayar da su akwati sai ya cika su zuwa kashi 100 ya bar su a wurin. Ƙara da cewa batirinsu ƙanƙani ne. Na kowane kunnen AirPods na farko bai wuce 25mAh ba, alhali na waya yakan kai 4000mAh ko 5000mAh. Ana ƙiyasta batirin litiyam zai yi zagayen caji 300 zuwa 500 kafin ya rasa kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa. Mai sa iyafis safe da yamma yana iya cinye wannan adadin cikin shekara ɗaya da wani abu.

Shawarar a bar batir ya mutu murus sannan a kwana ana caji, gadon wani zamani ce. Batiran nikel da kadmiyam na tsofaffin rediyon hannu da fitilu su ne ake yi wa haka. Litiyam ba ya amfana da ita. Iyakar abin da za ta yi shi ne ta daidaita lissafin kason da waya ke nunawa, idan na'urar tana da irin wannan ma'auni. Litiyam ɗin da ya riga ya ƙare a ciki ba ya dawowa. Ga tsohon batir kuwa, kai shi ƙasa sau da yawa ƙara masa rauni ne.

Akwai wani yanayi da ya shafi Khartoum musamman, kuma a nan shawarar Malam tana da haɗari. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Bayan da sojoji suka karɓe tsakiyar birnin a watan Maris na 2025, jama'a suka fara komawa unguwanninsu, har da 'yan'uwanmu Hausawa na Mayo da sauran wurare. A cikin durowa da aljihun jaka ana samun hedifon da suka yi shekara biyu babu caji, a ɗakin da ke rufe cikin zafi. Batirin litiyam yana zubar da wutarsa a hankali ko ba a taɓa shi ba. Idan ya sauka ƙasa da 2V ya daɗe a haka, siririn faifan tagulla da ke cikinsa yana fara narkewa. Ranar da aka tilasta masa caji, tagullar nan tana iya sake daskarewa ta zama tsinkaye masu haɗa ɓangarorin batirin biyu daga ciki. Daga nan sai zafi, sai kumburi, wani lokaci sai wuta. Wasu masu gyara suna jona wa irin wannan batir wuta kai tsaye don ya farka, kuma yakan farka ɗin, amma abu ne da za a ɗora a kan kunne. Wanda aka auna aka samu tsakanin 2.5V da 3V ana iya tayar da shi da wuta kaɗan-kaɗan ana taɓa jikinsa. Wanda ya faɗi ƙasa da 2V na watanni, cire shi ake yi. Kwana ana yi masa caji a gefen katifa kuwa, kada kowa ya gwada.

Mu zo ga babbar maganar, wato ko canza batir yana da amfani. Amsar tana ga yadda aka ƙera na'urar, kuma bambancin yana da girma.

Babban hedifon mai rufe kunne, wanda yake da baka a kan kai, batirinsa lebur ne mai kamar fakiti, yawanci tsakanin 300mAh da 1000mAh, yana zaune a cikin kofin kunne ɗaya. Ana ɓalle matashin kunnen, a kwance sukurori uku ko huɗu, ga batirin nan manne da gam mai fuska biyu, da wayoyi biyu ko uku. Sauran kayan cikin, wato lasifika da allon lantarki, suna iya yin shekara goma lafiya lau. Jefar da irin wannan saboda batir asara ce tsantsa.

Na ga aikin da idona a kasuwar Sabrin da ke Karari, arewacin Omdurman, inda masu sana'a da yawa suka koma bayan da Suƙul Arabi ta zama kufai. Ɗan yayata ne ya samo babban hedifonsa a gidansu bayan dawowarsu. A da yana yin kusan awa ashirin, yanzu minti arba'in. Mai gyaran, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar waya, bai buɗe shi nan take ba. Ya fara jona shi da caja ta cikin wata 'yar mita da ake sawa tsakanin caja da igiya, wadda take ƙirga wutar da ta wuce. Cikin minti goma fitilar hedifon ta nuna ya cika, mita kuma ta tsaya a wajen 30mAh. Da ya buɗe, an rubuta 3.7V 600mAh a jikin batirin, kuma tsakiyarsa ta ɗan tasa, idan ka danna da yatsa ka ji taushi.

Ɗan yayar tawa ya ce, "Usta, ai sai a sa sabo kawai."

Ya ce, "Dakata, ɗana. Sai na ji ko allon ma yana shan wuta. In yana sha, sabon batir zai bi sahun tsohon, kai kuma ka ce na cuce ka."

Ya cire tsohon batirin, ya jona wayoyin hedifon da injin gwajin wuta na kan teburinsa, ya saita shi a 3.8V. Hedifon a kashe, allurar ba ta motsa ba. Ya kunna ya sa karatu, ta tsaya a wajen 30mA. Lissafin a fili yake: 600 a raba da 30, awa ashirin ke nan, daidai da yadda hedifon ɗin yake tun yana sabo. Allon lafiyarsa ƙalau, laifin na batir ne shi kaɗai. Da a ce ya ga yana jan wuta alhali a kashe yake, ko wani wuri a allon yana ɗumi, da ya ce a haƙura, domin gumi ko ruwa ya riga ya shiga ya ci layukan.

Abin da ya biyo baya shi ne wurin da ake gane ƙwararre. Ya karanta lambobi shida da ke jikin batirin, ya bayyana mana cewa girma suke nunawa: biyun farko kauri, na tsakiya faɗi, na ƙarshe tsawo. Batirin da aka rubuta wa 503040, alal misali, kaurinsa milimita 5 ne, faɗinsa 30, tsawonsa 40. Ya ɗauko sabo mai girma ɗaya, bai yarda da wanda ya fi kauri ba ko da an rubuta masa mAh mai yawa, domin batir yana buƙatar ɗan sarari, kuma idan murfi ya matse shi ko sukuru ya soke shi an shiga uku. Ya auna sabon da mita tun kafin ya buɗe ledarsa gaba ɗaya, ya samu 3.8V. Ya ce duk sabon batirin da ya nuna ƙasa da 3V ya tsufa a shago, kuma irin wannan ya yi yawa yanzu da kaya ke daɗewa a hanya da cikin sito mai zafi. Tsohon batirin waya uku gare shi, ja da baƙa da wata ta uku wadda take kai wa allon labarin zafin batirin. Sabon ma mai uku ya nema. Idan aka sa mai biyu a gurbin mai uku, wasu hedifon suna ƙin caji gaba ɗaya, kuma mai gyaran da ya yi dabarar rufe bakin wayar ta uku ya cire mai gadin da ke tsayar da caji lokacin da batir ya yi zafi. A Omdurman wannan mai gadin ba abin wasa ba ne. Ya liƙa wayoyin da dalma ɗaya bayan ɗaya, yana rufe kowace kafin ya taɓa ta gaba don kada su haɗu. Da aka sake jona mitar, cajin ya ɗauki sama da awa biyu, ta ƙirga fiye da 500mAh. Kuɗin batir da na aiki duka bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin sabon hedifon irinsa ba.

Iyafis mai igiya a wuya, wanda matuƙa raksha da masu shago suka fi so, shi ma kusan haka yake. Batirinsa na cikin ɗaya daga cikin kumburarrun gefen, ana ɓalle robar a canza shi, sai dai a kula da siraran wayoyin da ke ratsa igiyar.

Ƙananan iyafis masu akwati kuwa, a nan Malam yana da rabin gaskiya, kuma zan ba shi ita. Da yawansu da gam aka rufe su ruf, ba a yi su don a buɗe ba. Kamfanin iFixit, wanda ya shahara wajen warware na'urori yana ba su maki, sifili cikin goma ya ba AirPods, domin ba a kaiwa ga batirin sai an yanka jikin. Masu arahar da ake zubawa a faranti a Suƙ Libiya su kuma kuɗin batira biyu da aikin mai gyara ya kusa kuɗin sabo, kuma bayan an buɗe su ba sa komawa su rufu yadda gumi ba zai shiga ba. Waɗannan a haƙura da su. Amma akwai waɗanda aka ƙera da batir mai kamar maɓalli. Galaxy Buds na Samsung na 2019 da Sony WF-1000XM3 duk suna amfani da batirin Varta mai lamba CP1254, faɗinsa milimita 12, kaurinsa 5.4, yana ɗaukar wajen 60mAh. A na Sony ɗin ko dalma babu, ana ɓalle murfi a zaro shi a sa wani. Mutumin da ya sayi irin wannan da tsada, a ce masa ya jefar saboda maɓallai biyu, an zalunce shi.

Ko a nan akwai tarkuna guda uku da ya kamata mai kai gyara ya sani, ya kuma tambaya da bakinsa. Batirin agogo da na rimot ɗin mota, masu lamba da ta fara da CR, ba a yi musu caji, kuma sa su a iyafis neman fashewa ne, ko da girman ya zo ɗaya. Sannan batiran maɓallin masu caji kansu iri biyu ne: akwai mai 3.7V, akwai mai 3.85V irin wanda ke cikin WF-1000XM4. Idan aka sa mai 3.7V a na'urar da aka tsara wa 3.85V, kullum za ta riƙa cusa masa wuta fiye da iyakarsa, ya kumbura cikin ɗan lokaci. Na uku, ba a ɗora bakin ƙarfen dalma kai tsaye a jikin batirin maɓalli, zafin yana lalata shi tun kafin a rufe murfi. Wanda ake liƙawa yana zuwa ne da 'yan kunnuwan ƙarfe da aka riga aka manna masa. Kuma idan za a canza, a canza na kunnuwan biyu tare, don kada ɗaya ya riƙa mutuwa ya bar ɗan'uwansa.

Kafin ma a je ga mai gyara, akwai abin da mutum zai duba a gida, domin ba duk iyafis da ya mutu da wuri ne batirinsa ya tsufa ba. Ƙurar habub da gumi suna taruwa a kan 'yan ɗigon ƙarfen da ke haɗa iyafis da akwatinsa, sai ya kwana a ciki bai sha wuta ba. A goge su da auduga da ɗan isfirit, a duba ko fitilar caji ta kama idan an mayar da shi. Wani lokaci kuma batirin akwatin ne ya mutu, iyafis ɗin lafiyarsu ƙalau. Gwajinsa mai sauƙi ne: a bar akwatin jone da caja, iyafis na ciki, na awa ɗaya, sannan a saurara. Idan sun yi awanninsu kamar da, akwatin ne mai laifi, kuma batirinsa ya fi girma, ya fi sauƙin canzawa. Idan kunne ɗaya ne kawai yake riga ɗan'uwansa mutuwa da ɗan tazara, yawanci shi ne mai ɗauke da makirfo ko mai riƙe da hulɗa da waya, wannan ba ciwo ba ne. Idan tazarar ta zama awa uku da minti goma, batirin wannan kunnen ya tafi.

Ma'aunin da nake bi, kuma nake ba Malam shawara ya gwada, shi ne wannan. Idan na'urar tana buɗuwa ba tare da an fasa ta ba, allonta bai shan wuta, an samu batir mai girma ɗaya da ƙarfi ɗaya wanda bai kwana a shago ba, kuma kuɗin duka bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sabuwa mai irin ingancinta ba, a gyara. Ina jaddada "mai irin ingancinta", domin a nan ake yaudarar kai. Mutum yakan gwada kuɗin gyaran hedifonsa mai kyau da kuɗin wani sabo na faranti, ya ga sabon ya fi araha, ya saya, bayan wata shida ya dawo inda ya baro, ga sauti maras daɗi a kunne.

Zargin da Malam ya yi wa masu gyara ma bai dace ya hau kan kowa ba. Akwai masu ha'inci, kamar kowace sana'a, masu zaro batir daga wata matacciyar na'ura su sayar a matsayin sabo. Kariya daga wannan ita ce ka tsaya a auna batirin a gabanka, ka ga lambobin jikinsa, ka karɓi tsohon naka a hannu. Duniya ma gyaran take fuskanta. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 wadda daga Fabrairun 2027 za ta tilasta yawancin ƙananan na'urori su zo da batirin da mai su zai iya cirewa ya canza, kuma tun 2024 kamfanin Fairphone na ƙasar Holan ya fitar da iyafis da ake canza batirinsa a gida. Idan irin waɗannan suka fara isowa ta Port Sudan ko ta kan iyakar Masar, su ya kamata mai kuɗin saye ya nema.

Saura kalmar "a jefar" ita kanta, wadda Malam ya faɗa bai ce ina ba. A yawancin unguwanninmu yanzu ƙona shara ake yi a bakin titi, yara na wasa kusa. Batirin litiyam a cikin wuta fashewa yake yi, ya yi feshin wuta da hayaƙi mai guba, ƙananan maɓallan nan kuma idan jariri ya haɗiye ɗaya yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan awanni. Wanda ya cire tsohon batir ya naɗe bakin wayoyinsa da salatif kowace daban, ya sa shi a gwangwani mai yashi nesa da rana da hannun yara, ya kai wa mai gyaran da ke tara su. Wanda ya kumbura kuwa kada a soke shi don a fitar da iskar, kada kuma a sake jona shi da caja ko na minti ɗaya.